Saƙo ga Alhaji manaja, daren Alhamis

Assalamu alaikum Alhaji, barka da dare. Ya gajiyar aiki, ya iyali? A yi mini afuwa da saƙo a wannan lokaci. Sau biyu yau na leƙo ofishinka, duka na tarar kana da baƙi, maganar kuma ba ta cikin mutane ba ce.

Alhaji, zan ajiye aiki. Takardar zan kawo maka ita hannu da hannu ran Litinin 1 ga Disamba, in yi wata gudan nan da yarjejeniyarmu ta ce, ranata ta ƙarshe ta zama 31 ga Disamba in Allah ya kai mu. Na ga bai dace ba, bayan shekara 6 ina ƙarƙashinka, ka fara jin wannan daga takarda, balle daga bakin direbobi.

Wallahi ba wanda ya yi mini laifi, ba kuma batun albashi ba ne. Ka san jikin Baba tun damina. Yanzu ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi, ni ne babba, ƙannena duk mata ne suna gidajen mazansu. Zirga-zirgar Maradi zuwa Tasawa kowace Asabar ta ishe ni, shi ma ba ta wadatar da shi. Na samu wani ɗan aiki can kusa da gida. Bai kai wannan ba, amma zan riƙa kwana inda zan ji tarinsa.

Ba zan bar maka magaza a hargitse ba. Ƙidayar kayan ƙarshen shekara da ni za a yi ta, buhu buhu, jarka jarka. Wanda zai riƙe makullai kuwa kai ke da zaɓi, amma in za a ji ta bakina, Habu ne. Rubutunsa kamar kaza ta yi tonon ƙasa, wannan gaskiya ne, sai dai tunda yake bai taɓa sa hannu a kan mota ba sai ya hau ya ƙirga da kansa. Sati biyar ɗin nan sun isa in nuna masa littafin bashi, musamman shafin mutanen Dakoro da na Madarunfa, don akwai masu biya sai an san yadda ake bi da su.

Saura jika 40 cikin bashin da na karɓa lokacin sunan Nana. A cire a albashin Disamba gaba ɗaya. Ina kuma roƙon takardar shaidar aiki, da a duba mini takardun CNSS kafin in tafi.

Ban faɗa wa kowa ba, har Habun. Na bar maka ka sanar yadda ka ga dama. In kana da sarari gobe bayan an sauko Juma'a, sai in same ka ofis ko gida, inda ya fi maka.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. A gaida Hajiya.

Naka, Lawali na magaza