Saurin Sulalewar Gas da Dalilin da Ya Sa Gas na Zahiri Ke Saɓa wa Lissafi

Wannan bayani na ɗaliban ajin kimiyyar sinadarai ne da suka halarci gwajin ranar Talata, inda muka cika balan-balan biyu, ɗaya da hiliyom, ɗaya da iskar da muke shaƙa, kuma washegari muka tarar na hiliyom ya fi yanƙwanewa. Abin da ya faru yana kama da abin da ake kira sulalewa, wato fitar ƙwayoyin gas ɗai-ɗai ta wata 'yar ƙaramar kafa zuwa wurin da babu komai a cikinsa.

Thomas Graham, masanin sinadarai ɗan Sikotland da ya rayu daga 1805 zuwa 1869, shi ne ya gano ƙa'idar wannan al'amari. Idan zafi da matsi ɗaya ne, saurin sulalewar gas biyu yana bin wannan lissafi, inda r ke nufin sauri, M kuma nauyin mol guda:

r₁/r₂ = √(M₂/M₁)

Dalilin ba mai wuya ba ne. A zafi ɗaya, matsakaicin kuzarin motsin ƙwayoyin kowane gas daidai yake, don haka dole ƙwaya marar nauyi ta fi gudu, ta kuma fi yawan isa bakin kafar. Nauyin mol na haidirojin giram 2 ne, na oksijin 32, saboda haka √(32/2) = 4, ma'ana haidirojin ya ninka oksijin sauri sau huɗu. Ku lura cewa ba sau goma sha shida ba ne, domin a nan ne na fi ganin ɗalibai suna kuskure, suna mantawa da alamar √. Hiliyom mai 4 kuwa ya ninka mitan mai 16 sau biyu kacal.

Ko ƙanƙanin bambanci yana da amfani. Ɗanyen yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, kusan kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nasa yake nau'in 235. Idan aka mayar da shi gas ɗin UF₆, nauyin nau'o'insa biyu 349 ne da 352, don haka marar nauyin ya ninka ɗayan sauri sau 1.0043 kacal. Da wannan 'yar tazara aka tace shi a Oak Ridge ta Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar maimaita aikin mataki bayan mataki.

Sai dai ƙa'idar Graham, tare da PV = nRT, lissafin da ke haɗa matsi P, girman mazubi V, yawan mol n da zafi T, sun ginu ne a kan gas na ƙaddarawa, wanda aka ɗauka cewa ƙwayoyinsa ba su cin wuri kuma ba su jan juna. Babu gas ɗin da yake haka a zahiri. Idan matsi kaɗan ne kuma zafi da yawa, ƙwayoyin suna nesa da juna suna gudu, don haka kuskuren ba ya taka kara ya karya. Amma idan an sanyaya gas ko an matse shi, ƙwayar da ta nufi bangon mazubi tana samun 'yan'uwanta suna janyo ta baya, sai ta bugi bangon da rauni, matsin da aka auna ya gaza wanda aka lissafa. Idan matsin ya yi tsanani kuma, girman ƙwayoyin da kansu ne ke rinjaye, domin filin da ya rage musu bai kai girman mazubin ba. Tukunyar gas ɗin girki shaida ce a cikin gida: wanda ya girgiza ta zai ji ruwa yana motsi, alhali gas ɗin da ƙwayoyinsa ba su jan juna ba zai taɓa zama ruwa ba.

A shekarar 1873 Johannes van der Waals na ƙasar Holan ya gyara lissafin, inda a ke wakiltar jan juna, b kuma wurin da ƙwayoyin suka ci:

(P + an²/V²)(V − nb) = nRT

Mu ɗauki mol 1 na CO₂ a mazubi mai lita 1, a zafin 300 K, inda a = 3.59, b = 0.0427. Lissafin PV = nRT ya ba da 24.6 atm. A na van der Waals, gyaran fili ya ɗaga matsin zuwa 25.7, jan juna kuma ya zaftare 3.59, saura 22.1 atm. Tazarar ta kai kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma jan juna ne ya yi rinjaye. Ga hiliyom, wanda a ɗinsa bai wuce 0.034 ba, ragin kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ya fi kusa da gas na ƙaddarawa.

Kafin darasin Alhamis, kowa ya lissafa nauyin mol na gas ɗin da saurin sulalewarsa ya kai 0.707 na saurin oksijin, sannan ya bayyana a rubuce irin yanayin zafi da matsi da zai amince da amsarsa a cikinsa.