Neman kafin alƙalami kan fassarar littafin manoma

Maraɗi, 9 ga watan Maris

Zuwa ga Hajiya shugabar shiri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gajiya, ina fama da wannan zafi da ya fara kankama? Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Littafin da kuka aiko mini ranar Litinin ya iso, na kuma karanta shi tun daga bango har bango kafin in ɗauki alƙalami. Shafi 240 ne na Faransanci, kamar yadda kuka faɗa. A kan sefa 3,500 kowane shafi da muka daidaita, jimilla ta kama sefa 840,000, wato jika 840. (Da sefa nake rubuta lissafin, ba da dala ba, kada mai ajiyar kuɗinku ya ruɗe.) Abin da nake roƙo shi ne a ba ni kashi 40 cikin 100 kafin alƙalami, jika 336 ke nan. Jika 252 su biyo baya idan na miƙa rabin aikin, ragowar jika 252 kuma ranar da kuka karɓi littafin kuka ce ya yi.

Hajiya, da takarda ce mai shafi goma ko ashirin, ba zan buɗe baki ba, kun san bara haka muka yi. Wannan kuwa zai cinye mini mako goma cur, ba tare da na karɓi aikin kowa ba. Kuma ba irin aikin da ake gamawa a zaune gaban kwamfuta ba ne. Ku duba babi na uku. Abin da marubutan suka kira da dogon suna mai kalma uku, manomin Agye kalma biyu yake ce masa, sassaben zamani: a bar tohon gawo ko kalgo a gona, a rage masa rassa, a bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi. Wannan na san shi. Amma akwai itatuwa da ƙwarin hatsi sama da talatin da littafin ya kawo da sunan Latin kawai, kuma wani ƙwaron sunan da ake kiransa a Dakwaro daban yake da na Madarumfa. Ƙamus ba ya raba wannan gardama. Sai na je da hoto a hannu, na zauna da tsofaffi a kan tabarma, sun nuna sun faɗa. Haka ma awo. Littafin kilo da hekta yake ƙirgawa, mai gona kuwa tiya da dami ya sani. In na bar masa kilo yadda yake, an fassara littafi amma ba a gaya masa kome ba.

Ga inda kuɗin za su tafi. Malamin da zai bi bayana ya duba rubutu da ƙa'ida, sefa 500 yake karɓa a shafi, jika 120 ke nan, kuma rabi yake so a hannu kafin ya fara, ban ga laifinsa ba. Tafiya uku ƙauye da kwana, kamar jika 75. Batirin farantin hasken rana na gidana ya mutu tun cikin sanyi, ba zan jingina aiki mai wa'adi da wutar gari a tsakiyar bazara ba. Sai kuɗin intanet da buga gwaji. Abin da ya saura shi ne cefanen gida na waɗannan makonni.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wanda na taɓa yi wa babban aiki a kan amana, sai da na yi wata bakwai ina sintiri a ƙofar ofishinsa. Ku ba ku taɓa riƙe mini ko dala ba. Sai dai tun daga lokacin na daina ɗaukar aikin da ya wuce shafi 50 babu kafin alƙalami, ko na wane ne.

Kun ce kuna so littafin ya kai hannun masu horar da manoma kafin shuka. Idan kuɗin suka shigo kafin 20 ga wannan wata, rabin farko zai zo muku 24 ga Afrilu, cikakken aiki kuma 29 ga Mayu, in Allah ya yarda. Duk makon da aka yi jinkiri, daga lokacin gyara da bugu zai fita.

Na haɗo takardar neman biya da kwafin yarjejeniya biyu, na sa hannu a kansu. Ana iya biya ta asusun bankin da kuka biya ni bara, ko ta Nita. Idan dokar ofishinku ba ta yarda da kashi 40 ba, ku kira ni mu zauna, ko da kashi 30 zan iya farawa, matuƙar kuɗin mai duba rubutu da na tafiya sun fito.

A gaida mutanen ofis.

Naku,
Malam Isufu, mai fassara