Jawabin Baffa Shehu a Wajen Raɗin Sunan Maryam, Tudun Wadar Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wannan safiya da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Surukanmu da suka taso daga Funtuwa tun jiya da yamma, sannunku da hanya, Allah ya mai da ku gida lafiya. Maƙwabta, abokan sana'ar Aminu, da ku samarin da kuka shimfiɗa tabarmi tun kafin kiran assalatu, Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda goro da dabino ba su kai gare shi ba ya ɗaga hannu, Sani na nan yana zagawa da faranti.

Kun dai ji abin da Malam Liman ya raɗa, kun kuma ji sanƙira ya ɗaga murya ya maimaita har mata sun yi guɗa daga cikin gida. Yau kwana bakwai ke nan da Allah ya sauki Hauwa'u lafiya, ya ba ɗana Aminu 'ya mace, an sa mata suna Maryam. Allah ya raya Maryam. Ku ce amin da ƙarfi, ta ji daga ɗaki.

An ce in yi magana don ni ne babba da ya rage a ɗakinmu. Ba zan tsare ku ba, na san akwai masu shago da masu zuwa ofis, ga kuma mahauci can ya wasa wuƙa yana harara ta.

Sunan da aka ba yarinyar nan ba baƙo ba ne a gidan nan. Sunan mahaifiyar Aminu ne, Hajiya Mairo, matar yayana, Allah ya jiƙansu da rahama su duka biyun. Waɗanda suka tashi a layin nan sun san ta. Ba a taɓa sauke tukunya a gidanta ba tare da an ware kwanon almajirai ba, kuma yaron da ta kama yana zagi a bakin titi, ko ɗan waye, sai ta ja kunnensa ta kai shi har gaban uwarsa. Tun da Aminu ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa gatsal ba, mata sun riga sun yanke cewa Ummi za a riƙa kiran ta. To, mu maza an sanar da mu ne kawai, ba a nemi shawararmu ba. Ni dai a wajena amarya ce na yi, kuma ina gaya wa samarin unguwa tun yanzu kowa ya kama kansa.

Sunan kuma yana da nauyi sama da na gidanmu. A duk Alƙur'ani mai girma, Nana Maryam ce kaɗai macen da Allah ya ambata da sunanta, har sura ta 19 ma sunanta take ɗauke da shi. A cikin Ali Imrana kuma an ba mu labarin haihuwarta. Mahaifiyarta ta yi bakancen abin da ke cikinta ga bautar Allah, da ta sauka sai ta ce, ya Ubangiji, ga shi mace na haifa. Allah kuwa shi ne mafi sanin abin da ta haifa. Ta sa mata suna Maryam, ta nema mata tsarin Allah ita da zuriyarta daga Shaiɗan jefaffe, Ubangijinta ya karɓe ta kyakkyawar karɓa, ya raya ta kyakkyawar rayawa. Wannan addu'ar ce muke arowa yau mu yi wa tamu.

Na kawo wannan labari da gangan. Wannan ce 'ya ta uku da Allah ya ba Aminu da Hauwa'u, bayan Zainab da Fadila, duka mata. A kwanakin nan da ake ta shigowa barka, kunnena ya jiyo mini wata magana da ban ji daɗinta ba. Wani ya ce, af, mace kuma? Wata ta ce, Allah ya kawo na bayanta namiji, kamar mai yin jaje. Ba zan kama suna ba, mai abin ya san kansa. Amma ina so a ji ni da kyau, a gidan nan farin ciki muke yi cikakke, ba rabi ba. Allah ya faɗa a Suratush Shura cewa yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so 'ya'ya maza, ko ya haɗa masa duka biyun, yana kuma barin wanda ya so ba haihuwa. Da mata ma ya fara a cikin ayar. A Suratun Nahli kuwa ya zargi mutanen jahiliyya, waɗanda idan aka yi wa ɗayansu albishir da 'ya mace sai fuskarsa ta yi baƙi, ya riƙa ɓuya daga mutane. Mu da muka fito daga sallar Asuba yanzun nan bai kamata a same mu da ɓurɓushin wannan hali ba. Masu ɗora wa mace laifi kuma, likitoci sun ce abin da ke sa jariri ya zo namiji ko mace daga wajen uba yake fitowa. Saboda haka mai ƙorafi ya zo ya sami Aminu, ga shi nan zaune, a ƙyale mini Hauwa'u ta sha kununta.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, 'ya'yansa maza duk sun rasu suna ƙanana. Mata huɗu ne suka girma, Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Fatima, kuma ta wajen Nana Fatima zuriyarsa ta ɗore har yau. Ya taɓa yin salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Shi ne kuma ya ce wanda ya riƙe 'ya'ya mata biyu har suka balaga, zai zo ranar ƙiyama shi da shi kamar haka, ya haɗa yatsunsa. Aminu, kai uku gare ka. Ka san abin da aka ajiye maka a hannu.

Riƙon nan kuwa ba ci da sha da sutura kaɗai ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi faɗa sosai da malaman zamaninsa da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya karantar da 'yarsa Nana Asma'u har ta zama malama mai rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata 'yan taru. Ta rasu tun 1864, ga shi yau muna ambaton ta a ƙofar gida a Zariya. Don haka Ummi za ta yi allo, za ta yi Islamiyya, za ta yi boko, kuma ba za a cire ta a tsakiyar hanya don an ce kuɗi sun yi wuya ba. In kuɗin makaranta ya gagara wata rana, Aminu, kada kunya ta hana ka zuwa wajena ko wajen kawunnanta na Funtuwa. Ga su nan sun ji, sun kuma gyaɗa kai, jama'a ku shaida.

Ku ma maƙwabta ban bar ku ba. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Nan da 'yan shekaru yarinyar nan za ta riƙa bi ta ƙofar gidajenku da allonta a hannu. Wanda ya gan ta a inda bai dace ba ya kore ta gida. Wanda ya ga wani na neman cutar da ita ya tsaya mata kamar tasa ce. Ku iyayenta kuma, in maƙwabci ya tsawata mata, kada ku fito da faɗa kuna cewa ina ruwansa. Wannan sabon hali ne da ya shigo mana, kuma kowa na ganin inda yake kai yaran unguwanni. Kakarta da ta ci sunanta ba haka ta yi da 'ya'yan mutane ba.

Sai saƙo ga cikin gida, a isar wa gwaggonni da masu kula da mai jego. Allah ya ce uwa na ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni, ya kuma ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ke son cikawa. Hauwa'u ta sha wuya, a bar ta ta huta, a ba ta abinci mai kyau. Ruwan wankan jego a sirka shi, kada a ƙona baiwar Allah, kanwar kunu kuma a sassauta hannu, domin likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya sun daɗe suna jan kunne cewa yawan kanwa da tsananin zafi na iya taɓa zuciyar mai jego. In ta ga kumburin ƙafa ko numfashi na yi mata wuya, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Jaririya a bar ta da nonon uwa zalla har wata shida. Katin rigakafinta a adana shi, a riƙa kai ta duk ranar da aka rubuta. Kai kuma Aminu, cikin makon nan ka je ka karɓo mata takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a rubuta sunanta daidai, Maryam Aminu, kada sai ranar shiga makaranta a fara guje-guje.

Huɗuba an riga an yi mata tun ranar da ta faɗo, uban ya kira salla a kunnenta, Malam ya tauna dabino ya shafa mata a dasashi. Abin da ya rage yau shi ne rago da aski. Rago ɗaya ne, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai, namiji ko mace duk ɗaya. Naman a ci, a ba maƙwabta, a kai wa gidajen da ba su da hali, ba a sayar da ko tsoka ɗaya. Wanzami in ya gama aski a tattara gashin a kimanta nauyinsa da azurfa a yi sadaka da kuɗin, haka Nana Fatima ta yi wa Hasan da Husaini.

To, mu ɗaga hannu.

Ya Allah, ga baiwarka Maryam 'yar Aminu. Ka raya ta bisa Musulunci, ka sa ta zama mai jin ƙan iyayenta. Ka tsare ta daga sharrin Shaiɗan, da sharrin baki da ido, da cutar da ke ɗauke yara tun suna goye. Ka ba ta ilimi mai amfani, da kunya, da lafiya, da arziki na halal. In ta isa aure ka haɗa ta da miji mai tsoron ka, wanda zai riƙe ta da mutunci. Ka haɗa kanta da yayyenta Zainab da Fadila. Ka ba Hauwa'u lafiyar shayarwa, ka buɗa wa Aminu a sana'arsa ya iya riƙon su. Waɗanda ke cikinmu suna neman haihuwa ba su samu ba, ya Allah ka share musu hawaye, mu taru a ƙofar gidajensu kamar yadda muka taru a nan. Masu ciki ka sauke su lafiya. Ka jiƙan Hajiya Mairo da mijinta da duk magabatanmu, ka kyautata namu ƙarshen. Ka zaunar da Zazzau da ƙasarmu baki ɗaya lafiya.

Allah gafarta Malam, a ja mana Fatiha a shafa. Bayan nan kowa ya ɗan dakata, ga koko da ƙosai nan ana fitowa da su.