Takardar Dakatar da Cinikin Masara da Waken Suya da Rufe Lissafin da ke Tsakaninmu

Dutse, Jihar Jigawa
Litinin, 12 ga Janairu, 2026

Zuwa ga Alhaji,
Kasuwar Hatsi ta Dawanau, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da iyali da yaran shago baki ɗaya. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Alhaji, na rubuto ne in sanar da kai cewa gidan gonarmu zai daina sayen masara da waken suya a hannunka daga ƙarshen wannan wata na Janairu. Na faɗa maka hakan a waya ranar Juma'a, amma maganar kuɗi da kaya ba ta tsayawa a fatar baki, shi ya sa na ga ya dace in sa ta a rubuce, kowannenmu ya riƙe tasa takardar. Na yanke shawarar ne bayan dogon tunani, kuma ba don neman ragi ko canjin farashi na yi ta ba. Abin da ya rage shi ne mu rufe lissafi cikin mutunci, kada haƙƙin wani ya maƙale a wuyan wani.

Shekaru mun yi muna ciniki da kai, kuma ban manta da alherinka ba. Lokacin da masara ta yi tsada kaji na neman zama da yunwa, kai ne ka loda mana mota ba tare da ka karɓi ko sisi ba, ka ce mu biya idan mun sayar da ƙwai. Wannan yana nan a raina. Sai dai daga damina zuwa yanzu abubuwa sun canza, kuma ya kamata in faɗa maka su dalla-dalla.

A watan Agusta kayan da aka yi alkawarin za su iso farkon wata ba su zo ba sai bayan tsakiyarsa. Kaza mai ƙwai ba ta jiran mota. Dole muka shiga kasuwar Shuwarin muna tsintar masara buhu biyar nan, buhu goma can, a farashin da ya fi namu. A watan Satumba kaya sun zo a kan lokaci, amma da tsakuwa da totuwa a ciki, har tsakuwar ta huda rariyar injin niƙa, aiki ya tsaya. Na kira ka, ka ba da haƙuri, ka ce yaran da ke sayo maka kaya a ƙauyuka ne suka yi sakaci, kuma za ka riƙa duba lodi da kanka. Na karɓi wannan uzuri.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne lodin 18 ga Nuwamba. Sharaɗinmu tun farko shi ne danshin masara kada ya wuce kashi 14 cikin ɗari, kuma buhu ya cika kilo 100. Buhunan da ke saman mota lafiya lau suke. Da aka kai na tsakiya, ɗan dakon da ya ɗauko buhu ya ce yana jin ɗumi a bayansa. Muka farke bakin buhun, na cusa hannu har gwiwar hannu, na ji zafi, na ciro masara ta dunƙule, da fumfuna kore-kore a jikinta, tana warin rima. Na'urar gwajin danshi ta nuna 18 a wasu buhunan, 19 a wasu. Sabuwar masara ce aka ɗura kafin ta gama bushewa. Direbanka yana tsaye aka yi duk wannan, shi ma ya sa hannu a takardar sauke kaya, kuma na turo maka hotunan a ranar. Mun ware buhu 46 da ba su amfanuwa. Sauran 254 da muka ɗora a sikeli, ɗaya bisa ɗaya, kilo 96 suke bayarwa.

Ka san sana'armu, Alhaji. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar da likitocin dabbobi ke kira afulatoksin. Niƙa ba ya kashe ta, dafuwa ma ba ta kashe ta. Tana taɓa hantar kaza, ƙwai ya ragu, kaji su kasa jure cuta. Kafin mai gona ya gane inda matsalar take, ya riga ya yi asarar makonni. Ba zan iya riƙa farke kowane buhu ina zullumi ba, alhali ciniki da kai a da ko buɗe bakin buhu ba ma yi, saukewa kawai ake yi a jera a sito. Sannan ga odar da muka bayar ranar 20 ga Disamba, wadda aka ce za ta iso 5 ga Janairu, har yau shiru. Ban ce da gangan ake yi ba, kuma ban zarge ka da ha'inci ba. Abin da na gani shi ne harkarka ta faɗaɗa, idonka ba ya kai wa kan kowane lodi kamar da, mu kuma ƙaramar gona ce, lodi ɗaya marar kyau ya isa ya durƙusar da mu.

To, ga lissafi yadda yake a littafinmu. Ina roƙon ka sa magatakardanka ya gwada shi da naku.

Na farko, bashin da kake bin mu. Waken suyan da aka sauke ranar 9 ga Disamba, buhu 120 a kan naira 70,000, ya kama naira 8,400,000. Mun biya naira 5,000,000, saura naira 3,400,000. Waken nan ba shi da wani aibi, ya bushe, awonsa ya cika. Wannan haƙƙinka ne cikakke, ba zan rage masa ko kwabo ba saboda matsalar masara.

Na biyu, masarar Nuwamba. Buhu 300 a kan naira 38,000, mun biya naira 11,400,000 gaba ɗaya. Buhu 46 da suka lalace kuɗinsu naira 1,748,000 ne. Ƙarancin awo na kilo 4 a buhu 254 ya tashi kilo 1,016, na ɗauke shi buhu 10, wato naira 380,000, na bar maka kilo 16 ɗin. Jimlar abin da muke bin ka a wannan lodi naira 2,128,000 ke nan. Kuɗin gyaran rariyar inji, da ƙarin da muka biya a Shuwarin, da ladan 'yan dakon da suka yi aikin warewa, duk ban sa su a lissafi ba, kuma ba zan sa ba. Na yafe.

Na uku, odar Disamba da ba ta iso ba: masara buhu 200 a kan naira 36,000, jimla naira 7,200,000, mun ba da kafin alƙalami naira 3,000,000. Tunda an ƙulla wannan cinikin, ba zan warware shi ni kaɗai ba. Na bar maka zaɓi.

Idan kayan suna hannu, ka turo su su iso gona nan da Litinin, 19 ga Janairu. Za mu gwada danshi mu auna nauyi a gaban wakilinka kafin a shigar da ko buhu ɗaya sito, wanda bai cika sharaɗi ba ya koma a motar da ta kawo shi. In komai ya yi daidai, cikon masara naira 4,200,000 da cikon wake naira 3,400,000 sun zama naira 7,600,000. A cire naira 2,128,000 na Nuwamba, saura naira 5,472,000, kuma zan turo maka su a ranar da aka sauke, kafin motar ta bar gona.

Idan kuwa ka ga hakan ba zai yiwu ba, sai mu janye cinikin, ba tare da tara a kan kowa ba. A nan kafin alƙalaminmu naira 3,000,000 da kuɗin Nuwamba naira 2,128,000 sun zama naira 5,128,000. A cire bashinka na wake naira 3,400,000, ya rage za ka maido mana da naira 1,728,000. Ina so a kammala wannan nan da Juma'a, 30 ga Janairu. In bayar da su lokaci guda zai takura maka, ka raba su gida biyu, rabi a ranar 30 ga Janairu, rabi tsakiyar Fabrairu, ban da matsala da hakan matuƙar mun rubuta shi. Kuɗin da na bayar kawai nake nema, ko masara ta hau ko ta sauka a wannan tsakani.

Don Allah ka sanar da ni wanda ka zaɓa nan da Alhamis, 15 ga wata, domin in san yadda zan tsara abincin kaji. Idan ban ji daga gare ka ba, kuma mota ba ta iso ranar 19 ba, zan ɗauka ka zaɓi janye cinikin.

Buhu 46 ɗin nan suna rumfar bayan sito, a kan katako, nesa da sauran kaya, kowanne da alamar jan fenti. Tunda an cire kuɗinsu, sun koma naka. Ka turo a kwashe su kafin ƙarshen wata, mu za mu biya kuɗin lodi. Amma ina da roƙo ɗaya, kuma don Allah nake yin sa: kada a shanya masarar nan a gauraya ta da mai kyau a mayar kasuwa. Ko ta bushe gubar tana nan, kuma mai sayen kwano biyu don tuwon gidansa ba shi da na'urar gwaji. Idan ka amince a binne ta a nan gona, ka aiko wakili ya shaida, mu za mu yi aikin. Akwai kuma tamfol ɗinka guda biyu da direba ya bari ranar da aka yi yayyafi, an naɗe su suna ofis.

Duk kuɗin da za mu tura, asusun shagonka da muka saba za su shiga, ba asusun wani yaro ko direba ba. Kai ma na roƙe ka, asusun gona kaɗai za a tura wa, wanda ke jikin rasitinmu. Daga yau babu wani ma'aikacinmu da ke da izinin ba da sabuwar oda da sunan gona, ko a waya ko baki da baki.

Idan lissafinku ya saɓa da namu a wani wuri, a shirye nake in zo Dawanau da littafinmu da rasitai mu zauna. Na ba dillalin da ya haɗa mu tun farko kwafin wannan takarda, domin ya zama shaida, kuma la'adarsa ta cinikin da ya gabata mun riga mun sallame shi. In har mun kasa daidaitawa mu uku, shugaban layinku ya shiga tsakani, duk abin da ya yanke bisa takardu na yarda. Ba na jin za ta kai mu can. Maganar nan kuma ba za ta fita daga bakina zuwa wurin sauran masu gonaki ko 'yan kasuwa ba.

Na haɗo da kwafin rasitan biyan kuɗi, da takardar sauke kayan Nuwamba mai sa hannun direba, da takardar awon buhuna. Wannan wasiƙa guda biyu ce iri ɗaya. Ka sa hannu a ƙasan ɗaya, ka rubuta zaɓinka, ka ba manajanmu da ya kawo ta ya dawo mini da ita. Ranar da kuɗin ƙarshe ya shiga, zan rubuto maka takardar shaida cewa ba ka bin mu, ba ma bin ka.

A gaida Hajiya da yara. Idan hanya ta biyo da kai Dutse, ƙofar gida a buɗe take.

Wassalam.

Naka,
Ƙaninka, mai gidan gonar kaji na hanyar Kiyawa, Dutse