Kalar Zuma

Saura kwana 10 ɗaurin aure Hadiza ta sallama gidan Talatu mai kitso, a wani ƙauye kusa da Ringim, Gwaggonta na biye da ita. Labari ya riga ya zaga gari cewa Talatu na nuna wa mace kanta da sabuwar kala a waya tun kafin rini ya taɓa gashinta.

Talatu ta zaunar da amaryar a bakin ƙofar ɗaki, inda akwai haske amma rana ba ta duka. A tsakar rana baƙin gashi ƙyalli yake yi, a cikin ɗaki kuwa ya saje da duhu, manhajar gwada kala ta wayar ta kasa gane iyakarsa. Ta sa ta cire ɗankwali, ta taje gashin ya bar goshi, ta ɗauki hoto.

Tana jan yatsa, kan Hadiza na sauyawa: ruwan goro, jan zoɓo, ruwan ƙasa. Da aka zo kalar zuma, yarinyar ta riƙe mata hannu.

"Anti, wannan nake so."

"Ta yi miki kyau. Yaushe rabonki da rilaksa?"

"Sati uku."

"Madalla, da bai cika sati biyu ba sai ki jira, don gashin karyewa zai yi. Lalle fa, ko baƙin dayis?"

"Ban taɓa sa wa ba."

Talatu ba ta musa ba. Ta dai lura bakin gashin ya fi gindinsa baƙi, baƙi wuluk marar sheƙi. Ta ɗauko almakashi ta yanko 'yan silaye daga ƙeya, ta ɗaure gindinsu da zare. A ƙaramin kwanon roba (ƙarfe na ɓata haɗin) ta dama rinin kalar zuma cokali ɗaya da ruwan haɗi mai lamba 30 cokali ɗaya, ta lulluɓe silayen, ta duba agogon waya.

"Duk wannan na mene ne, 'yar nan? Ba ga shi mun gani a hoto ba?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, waya fenti take shafa wa hoto, ba ta san abin da gashin ya sha a baya ba."

Bayan minti 35 ta wanke silayen ta shanya a kan farar takarda. Wajen gindi, tsawon gaɓar yatsa biyu, ya koma ruwan lemo. Sauran yana nan baƙi kamar gindin tukunya.

Hadiza ta sunkuyar da kai. "Da ƙaramar Sallah ne, ƙawata ta shafa min na sacet. Na zaci ya wanke."

"Ba ya wankewa, sai dai ya tsiro ya fita. Kuma rini ba ya ɗaga rini. Da na biye miki, da kai biyu za ki shiga ɗakin miji. Sai an sa bilicin kafin zuma ta fito, ni kuwa ba na ɗora bilicin a kan rilaksa, a matsefi za ki tsinci gashinki."

Ta koma kan hoton, ta zaɓi jan zoɓo, ta rage ƙarfin kalar har ta kusa komawa baƙi, sannan ta rage hasken fuskar wayar.

"Ga abin da zan iya yi miki alkawari. A ɗaki duhu-duhu, in kin fita rana jan ya bayyana, gindin ya ɗan fi ja."

Hadiza ta daɗe tana kallo kafin ta gyaɗa kai.

Talatu ta ɗiga ɗan rinin a bayan kunnen Hadiza. "Kwana biyu kada ki wanke wurin. In ya yi ƙaiƙayi, ja ko kumburi, an fasa. In lafiya, ki zo jibi bayan la'asar, kada ki sosa kai. Tub biyu za mu yi don gashinki na da cika, da ruwan haɗi lamba 20 daidai wa daida. Zan zagaye goshi da kunne da basilin, in fara daga tsakiya zuwa baki, gindi a ƙarshe, don ɗumin fatar kai na sa shi saurin kamawa."

Sai ta juya wayar ga Gwaggo, ta goge hoton, ta shiga kwandon shara na wayar ta sake goge shi. Hoton mace babu ɗankwali ba ya kwana a wayarta, shi ya sa magidanta ba sa hana matansu zuwa.

Sun kai zaure Gwaggo ta ce ta manta carbinta. Ta dawo ita kaɗai, ta waiga, ta zauna a bakin ƙofa ta zame ɗankwali. Furfura ta cinye rabin kan.

"Ɗan gwada min ruwan goron nan, 'yar nan. Gani kawai zan yi."