Tambayoyi ga Malama Hadiza kan gwajin tsayuwar ƙarfi da amincewa da kai

Malama Hadiza, na karanta rahotonki da ke cewa tsayuwar ƙarfi, wato miƙewa tsaye a riƙe ƙugu, tana ƙara wa mutum amincewa da kai, kuma waɗannan su ne tambayoyin da zan gabatar bayan jawabinki na ranar Laraba.

Kin ce ɗalibai 60 da kika gwada duk 'yan sashenmu na ilimin halayyar ɗan Adam ne, kuma ke da kanki kika umurci rabinsu su miƙe tsaye, su riƙe ƙugu na minti biyu, sannan nan take kika miƙa musu takardar da ke tambayar yadda suke jin ƙarfin gwiwa. Shin akwai ɗalibin da zai yi wannan tsayuwa, ya karanta wannan tambaya, bai gane amsar da ake nema daga gare shi ba? Tun 1962 Martin Orne ya nuna yadda mahalarta gwaji ke biyayya, domin ya sa mutane su yi ta haɗa lambobi a takarda, su yayyaga kowace takarda da suka kammala, amma suka ci gaba na sa'o'i saboda sun ɗauka aikin yana da manufa. Idan baƙi sun yi haka, yaya ɗaliban da kike taimakawa wajen duba jarrabawarsu, waɗanda kunya ba za ta bari su ba ki amsar da za ta ɓata miki aiki ba?

Bayan gwajin, wa ya tambaye su abin da suke zaton ana bincike a kai? Idan ke ce, ina ganin da wuya su faɗa miki gaskiya. Kin gwada bayyana wa wasu ɗalibai tsarin gwajin kawai, ba tare da sun yi tsayuwar ba, ki ce su cike takardar? Idan amsarsu ta yi daidai da ta rukuninki, me ya rage da za ki jingina wa tsayuwar?

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta maimaituwar sakamako. Binciken Carney, Cuddy da Yap na 2010, wanda kika dogara da shi, wanda ya ce irin wannan tsayuwa tana sauya sinadaran jiki, mutum 42 ya ƙunsa. Da Ranehill da abokan aikinta suka maimaita shi a 2015 da mutum 200, ba su ga sauyi a sinadaran jiki ba, abin da ya saura shi ne abin da mahalarta suka faɗa da bakinsu, wato ma'aunin da zato ya fi saurin gurɓatawa, kuma shi kaɗai kika auna. Me ya sa ba ki haɗa da wani ma'auni na abin da mahalarta ke aikatawa ba?

Kin tsayar da adadin mahalarta da hanyar nazarin alƙalumanki tun kafin ki fara tattara bayanai?

A ƙarshe, idan wani mai bincike da bai san hasashenki ba ya gudanar da gwajin a wata jami'a, da mutanen da ba su karanci ilimin halayyar ɗan Adam ba, wane sakamako kike tsammani, kuma wane sakamako ne zai sa ki janye da'awarki?