Godiya da cika alkawari bayan haɗuwarmu ta jiya

Assalamu alaikum, Injiniya Bashir, ranka ya daɗe.

Da fatan an tashi lafiya, ya gajiyar taro? Sunana Aminu. Ni ne wanda ya tsaya a rumfar kamfaninku jiya bayan sallar Azahar, wajen baje kolin guraben aiki a Dandalin Murtala, na yi maka tambaya kan famfon burtsatse mai aiki da sola. Jama'a sun yi yawa a gabanka, amma ka tsaya har ka zana mini yadda kuke haɗa shi a bayan takarda. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Ka ce a farkon wata za ku ɗauki masu haɗa sola da za su riƙa fita ƙauyukan Soba da Kachia, kuma damuwarku ita ce yawancin masu nema ofis suke so. Ni aikin fitan nake so. Na yi babbar difloma a fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, na gama bautar ƙasa a 2023. Tun daga nan nake bin wani maigida a Kakuri muna haɗa wa gidaje da shaguna.

Aikin da na fi alfahari da shi na wani ƙaramin asibiti ne a Rigasa. Firjin ajiye allurar rigakafinsu yana mutuwa kafin asuba, har an ce musu su sayi sabbin batura. Da na auna, sai na ga baturan lafiyarsu ƙalau. Ƙurar hunturu ce ta lulluɓe fanel-fanel ɗin, wayar da ta sauko zuwa inbata kuma ta yi siriri, wuta na salwanta a hanya. Muka canza waya, na nuna wa maigadin yadda zai riƙa wanke su da sassafe kafin su ɗauki zafi. Har yau firjin yana kwana a kunne. Shi ya sa maganarka ta zauna mini, cewa ba ku barin gari sai kun koya wa wani ɗan garin kula da kayan.

Ga takardar tarihin karatuna da aikina na haɗo kamar yadda ka umarta, da hotunan aikin Rigasa, kuma lambata tana sama. Ina da lasisin tuƙi. Idan da hali, ina roƙon a ba ni dama in zo ofis a gwada ni a kan kayan aiki, ko in bi ma'aikatanku fita ɗaya ku ga hannuna. Duk ranar da ka sa a makon nan ko na gobe, zan zo in sha Allahu.

A huta lafiya, ranka ya daɗe.

Aminu, daga Tudun Wada